Don Allah wa ya tuna sunan wannan fim ɗin Indiyan na maciji?

Abban_Sadik:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ku taimaka min, wani tsohon fim ɗin Indiya ne ya tsaya min a rai kusan sati biyu kenan na rasa sunansa, har madam ta fara yi min dariya wai na zama ɗan sandan ciki. Na kalle shi ina aji huɗu a firamare, wajejen 1996 kenan, a gidan wani maƙwabcinmu mai bidiyo lokacin hutun babbar sallah, mu kusan ashirin a kan tabarma, kuma ba mu ga farkonsa ba don sai da aka fara muka shiga. Abu uku kawai nake iya tunawa. Na farko akwai wata mata da aka kashe mijinta, tana da jariri, sai ta ba wani maciji nononta ya sha, daga baya macijin nan shi ya riƙa bin waɗanda suka kashe mijin. Na biyu akwai wata yarinya cikin fararen kaya, idonta kamar na mage, tana rawa a ƙasa kamar macijiya, bos ɗin da yaransa suna ta busa mata wannan sarewar tasu mai kan duma. Bos ɗin kuwa Mugambo ne, wannan ko a mafarki ba zan manta muryarsa ba. Na uku akwai wurin da jariri ke kwance a rana sai maciji ya fasa kai ya yi masa inuwa. Na rubuta indian snake film a Google abin da ya fito min ya fi ƙarfina.

Bash_Kurna:
Wa alaikumus salam. Ai wannan Nagin ne yallaɓai, ba sai an wahala ba. Jeka ka nema ka dawo ka gode min.

Ummin_Hanan:
Ni ma ina so, wanda ya samu ya turo min a nan amma mai fassarar Hausa don Allah, kuma kar ya wuce mega 300 data ta kusa ƙarewa.

Bash_Kurna:
Hajiya ai ba a kai ga turawa ba tukun, sunan ma ake nema hhhh

Kawu_Mai_Kaset:
Bash ka yi sauri. Shekara goma sha ɗaya na yi ina ba da hayar kaset, kuma babu kalmar da ta fi jawo min rigima da kwastoma irin "a ba ni Nagin", don duk fim ɗin da maciji ya fito a ciki mutanenmu Nagin suke ce masa. Masu wannan sunan na asali biyu na sani. Akwai na 1954, baƙi da fari, na Vyjayanthimala. Akwai na 1976 na Reena Roy da Sunil Dutt da Jeetendra da Feroz Khan, wanda aka harbe namijin macijin, ita kuma macen ta duba idon gawarsa ta ga hoton waɗanda suka yi aikin ta riƙa binsu ɗaya bayan ɗaya. To a cikin biyun nan babu inda mace ta shayar da maciji, kuma na 1976 ba Amrish Puri ne bos ba. Shi ne wanda kuke kira Mugambo, sunan da ya samo daga Mr. India na 1987. Abban Sadik ina da tambaya kafin in faɗi abin da nake zato. Jarumin fim ɗin yana da gashin baki ko ba shi da shi?

Abban_Sadik:
Kawu wallahi ka ɗaure ni. Da na rufe ido sai in ga mai gashin baki, dogo, yana faɗa. Amma kuma akwai wani fari mai ɗan jiki yana sa suwaita, shi kamar ba ya faɗa sosai. Ko su biyu ne a fim ɗin?

Kawu_Mai_Kaset:
To madalla, ajiye wannan amsar a gefe za mu dawo kanta.

Zee_Kwamfuta:
Kafin Kawu ya fasa ƙwan bari in faɗi inda bincikenka ya karkace, don gobe wani fim ɗin za ka nema Kawu kuma yana barci. Matsalar indian snake film ita ce ka ba Google jinsin fim ne, ba ka ba shi abin da ya bambanta naka da sauran ba. Cikin abu ukun da ka lissafa, rawar macijiya tana cikin finafinai da yawa, maciji mai yi wa jariri inuwa shi ma haka, amma mace ta shayar da maciji nononta ba kasafai ake samunsa ba. Shi za ka kama. Kuma ka rubuta shi yadda mai ba da labarin fim zai rubuta a Wikipedia, ba yadda za ka tambayi mutum ba. Wato ba "what is the name of the film" ba, kai tsaye ka shiga labarin:

```
hindi film widow feeds her milk to snake, snake avenges husband Amrish Puri
```

Dalili shi ne injin yana neman shafin da kalmominsa suka yi kama da naka, to shafin da ke da amsar shafin labarin fim ne, da irin waɗannan kalmomin aka rubuta shi. Sunan ɗan wasan da ka tabbatar da shi kuma ka liƙa a ƙarshe, wanda ba ka tabbatar ba kar ka sa, don suna ɗaya na kuskure ya isa ya kai ka wata unguwar.

Bash_Kurna:
Ka ƙara before:1996 a ƙarshe, zai cire maka duk finafinan da aka yi bayan shekarar. Ni haka nake yi.

Zee_Kwamfuta:
A'a Bash, umarnin gaskiya ne yana aiki amma ba abin da kake zato yake yi ba. before: yana duba ranar shafin intanet ɗin ne, ba shekarar da aka yi fim ba. In ka sa 1996 ka ce a kawo maka shafukan da aka wallafa kafin 1996 kenan, lokacin kuwa ko Wikipedia ba a buɗe ba, sai 2001. Abin da zai fi amfani a nan shi ne alamar cirewa, saboda akwai wani shiri mai dogon zango Naagin da aka fara a 2015, shi ne yake cika maka fuska duk sanda ka rubuta maciji da Indiya. Ka sa -serial -episode a ƙarshen abin da ka rubuta, ba tazara tsakanin alamar da kalmar, za ka ga wurin ya ɗan washe.

Bash_Kurna:
Ikon Allah, shi ya sa wani lokacin ba ya kawo min komai. Na ɗauka netwok ne.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum. Mu nan wajenmu abin da ke ba mu wahala shi ne da Faransanci muke rubutawa, film hindou serpent, sai ya kawo maka tarkace. Sai da wani ƙanena ya nuna mini in sa kalmominsu na can. Macijin da ke rikiɗa ya zama mutum ichchadhari suke cewa, gardin maciji sapera, sarewar kuma been, dutsen nan mai haske da bokayen ke nema nagmani. Ko ba ka jin Ingilishi in ka jefa ɗaya daga cikin waɗannan tare da shekara, abin da ke fitowa ya fi kusa. Ni dai yarinyar mai fararen kaya na san ta, Sridevi ce, mun gan ta a tele ba sau ɗaya ba.

Maman_Walida:
Wayyo Sridevi, Allah sarki. Ni wannan rawar ta hana ni barci ina yarinya, kwana uku ina ganin idon nan a duhu, har kakata ta ce duk wanda ya sake kai ni kallon macizai sai ta saɓa masa. Amma ni ban tuna an ba maciji nono a ciki ba gaskiya. Abin da na tuna uwar mijin ce ta gano matar ɗanta macijiya ce ta je ta kira bokan.

Abban_Sadik:
Zee na gwada abin da kika ce. Wani suna yana ta maimaituwa, Doodh Ka Karz, 1990. Na karanta labarin kuma wallahi shi ne, gardi ne aka yi masa ƙazafin satar kayan ɗakin bautarsu aka kashe shi, matar ta shayar da macijinsa, ɗan ya girma. Tsigar jikina har tashi ta yi. Amma na duba jerin 'yan wasan babu Sridevi, Jackie Shroff ne da Neelam. To ina yarinyar mai fararen kayan ta shiga?

Kawu_Mai_Kaset:
Yawwa, yanzu ka zo inda nake jiranka. Ɗana ba fim ɗaya kake nema ba, biyu ne ka ɗinke su wuri guda. Mai shayar da maciji Doodh Ka Karz ne, Aruna Irani ce uwar, kuma sunan ma ma'anarsa bashin nono, wato macijin ne ke biyan bashin abin da ya sha. Mai gashin bakin da kake gani Jackie Shroff ne. Ita kuma mai fararen kaya, kamar yadda ɗan'uwanmu na Damagaram ya ce, Sridevi ce a Nagina na 1986, kuma farin nan mai suwaita Rishi Kapoor ne mijinta, wanda 'yan kallo a nan suka laƙaba wa Mace. Labarin da Maman Walida ta kawo na uwar miji da boka shi ne Nagina daidai. Abin da ya haɗa maka su kuwa Amrish Puri ne, yana cikin duka biyun. A Nagina shi ne bokan mai busa, a ɗayan kuma yana cikin waɗanda suka cuci gardin. Yaro ɗan shekara tara ya ga bos ɗaya, maciji ɗaya a idonsa, a ɗaki ɗaya a sati ɗaya, me zai hana ya haɗe su? Shi ya sa na tambaye ka gashin baki. Da ka ce min jarumai biyu kake gani waɗanda ba su yi kama ba na san an gama.

Abban_Sadik:
Kai Kawu! To amma ni fa a raina zama ɗaya muka yi muka kalla.

Injiniya_Tudun_Wada:
Yana yiwuwa ma zama ɗaya ne. Kaset ɗin bidiyo da aka fi samu E-180 ne, awa uku, amma in mai kwafin ya ɗauka a LP sai ya ci awa shida, hoton dai ya ɗan dushe. Fim biyu na Indiya suna shiga ciki su bar saura. Masu kwafi kuma suna son haɗa masu kama da juna, na maciji da na maciji. In an ɗauke wuta a tsakiya kun fita wasa kun dawo an riga an shiga na biyun, ba za ka taɓa sanin an canja ba tunda ka ce ko farkon ba ku gani ba.

Kawu_Mai_Kaset:
Injiniya ni dai a shagona ban cika ajiye irin wannan ba, don ba kowace bidiyo ke karanta LP ba, sai a dawo maka da kaset a ce hoto yana gudu murya kamar ta aljanu. Na fi zaton kaset biyu maƙwabcin ya karɓo na sallah. Amma ban rantse ba.

Sani_Ba_Wasa:
Ni duk ban yarda ba. Me ya sa ba za a ce Nigahen ba ne? Shi ma Sridevi ce, shi ma akwai busa da rawa.

Kawu_Mai_Kaset:
Nigahen ci gaban Nagina ne, 1989, Sridevi da Sunny Deol. Amma bokan can Anupam Kher ne. Mai tambaya ya ce ya tabbata Mugambo ne ke busa, in ka yarda da wannan to Nigahen ya fita.

Sani_Ba_Wasa:
To ai mutumin da ya haɗa fim biyu ya mai da su ɗaya, ta yaya za mu yarda da tabbacinsa a kan fuskar boka? Ba faɗa nake ba, tambaya ce.

Zee_Kwamfuta:
Sani yana da gaskiya a nan, kuma ba a warware irin wannan da musu, gani ake yi. Abban Sadik ka shiga YouTube ka rubuta Main Teri Dushman Nagina, waƙar ƙarshen fim ɗin kenan, Lata Mangeshkar ta rera. Minti ɗaya ya ishe ka ka san ko ita ce ko ba ita ba. Finafinan Indiya suna da wannan sauƙin da na Amurka da na Chana ba su da shi, kusan duk wurin da ya zauna wa mutum a kai yana jikin wata waƙa, waƙoƙin kuma an yanka su daban an ɗora. Ba sai ka zauna awa biyu da rabi ka ƙona data ba. In kuma dole sai ka duba cikin fim ɗin, ka sauke ingancin hoton zuwa 144p ka riƙa jan layin ƙasa kana duba ƙananan hotunan da ke fitowa.

Maman_Walida:
Ni kuma na ji an ce in ka tuna kiɗan kawai za ka iya yi wa waya da baki ta gano maka. Gaskiya ne ko irin zancen yaran nan ne?

Zee_Kwamfuta:
Gaskiya ne Anti. A manhajar Google ki taɓa alamar makirfo, sai ki taɓa Search a song, ki yi ta rera karin da hanci ko da baki na daƙiƙa 10 zuwa 15, zai jero miki waƙoƙin da suka yi kama. Tun 2020 suka sa shi. Shazam kuma shi sai ainihin waƙar tana tashi daga rediyo ko talabijin yake ganewa, in kika yi masa da baki ba ya kamawa. Amma sai kin riƙe karin waƙar sosai, in rabi kika tuna rabi kika ƙirƙira zai kawo miki abin da zai ba ki dariya.

Bash_Kurna:
Na gwada yanzun nan da busar macijin, wannan da kowa ya sani. Ya kai ni wata tsohuwar waƙa Man Dole Mera Tan Dole. Kun ga ai Nagin ɗin da na faɗa tun farko ne, a ba ni haƙƙina.

Kawu_Mai_Kaset:
Hhhh Bash ba ka da dama. Abin da ka rera karin Nagin na 1954 ne, shi ne uban duk busar macijin da ka sani, har 'yan badujala na biki a can Indiya shi suke busawa. Duk wanda aka ce ya kwaikwayi busar gardi shi zai fito masa a baki ko da wane fim ya kalla, don haka bai nuna komai a kan fim ɗin Abban Sadik ba. Abin mamakin ma, a wancan fim ɗin ba da sarewar gardi aka yi sautin ba, Kalyanji ne ya kaɗa shi a wani ɗan ƙaramin kayan kiɗa na lantarki mai madannai da ake kira clavioline. Mu da muka yi shekaru muna tsoron kar a kunna shi da dare maciji ya shigo gida, ashe na'ura ce.

Malam_Na_Bayoloji:
Tunda an zo nan bari in sa baki. Ko da sarewar gaske ce ba za ta kira maciji ba. Maciji ba shi da kunnen waje, abin da ya fi ji shi ne girgizar ƙasa, kuma wanda kuke gani yana lilo gaban gardi motsin sarewar da hannun mutumin yake bi da ido don yana ganin abin barazana ne. Nono kuma ba abincinsa ba ne, sai in ƙishirwa ta gallabe shi ya rasa ruwa. Ina faɗa ne don na sha jin ɗalibai suna kawo min hujja da waɗannan finafinan.

Ummin_Hanan:
Malam a bar mu da yarintarmu don Allah, kar a ɓata mana fim.

Hafsy_Gombe:
Ku yi haƙuri in shigo da nawa tunda masana suna kusa. Akwai wani da na kalla a wayar ƙawata mai fassarar Hausa, an kashe saurayi ya dawo a ƙuda yana addabar wanda ya kashe shi. Sunan Hausa aka sa masa na manta, kuma ko na tuna ai ba zai fito a Google ba.

Dan_Damagaram:
Wannan Eega ne, na 2012, na Rajamouli wanda ya yi Baahubali.

Sani_Ba_Wasa:
Makkhi dai.

Zee_Kwamfuta:
Ku duka biyun kun faɗi daidai, kuma wannan ita ce babbar matsalar finafinan kudancin Indiya. Eega sunansa na Telugu, Naan Ee na Tamil, Makkhi wanda aka juya zuwa Hindi, sannan masu fassarar Hausa su ɗora nasu na huɗu. Hafsy in irin wannan ya sake faruwa kuma fim ɗin yana hannunki, abu biyu za ki yi. Ki koma daƙiƙun farko, finafinan Indiya suna buɗewa da takardar hukumar tace finafinansu, a jikinta akwai ainihin sunan fim da harshensa da kwanan wata, ki tsayar ki ɗauki hoton allon ki zuƙo shi. In an yanke takardar, wanda yakan faru, sai ki tsayar a wurin da ya fi fita daban, misali jarumi da jaruma tare a cikin waƙa, hoton ya fito tas ba rubutun talla a kai, ki sa a Google Lens. Sau da yawa yana haɗa shi da fosta ko hoton wata waƙar fim ɗin. Amma hoton kaset mai dishi-dishi ba ya cika ganewa, zai ce miki ga labule mai kama da wannan a kasuwa.

Kawu_Mai_Kaset:
Maganar takardar nan gaskiya ce, mu da ita muke gane kaset ɗin da aka liƙa wa sunan ƙarya. Amma a kula, kwanan watan jikinta na ranar da aka tace ne, wanda aka juya zuwa wani harshe kuma takardarsa daban, tana iya zuwa shekaru bayan na asalin.

Abban_Sadik:
Jama'a na dawo. Na kalli waƙar. Ita ce, babu ko tantama, fararen kayan, idon, har yadda take sara da hannu, kuma Mugambo ne da yaransa. Sani ka huta. Na kira Yaya Babba ma na tambaye ta don ita ta riƙe hannuna muka je gidan, ta ce ita abin da ta tuna kwana biyu muka yi muna zuwa, kuma wai an kore ni rana ta biyun don na yi kuka. Wannan ɓangaren ban tuna shi ba kuma ban yarda ba. To saura na ukun, jaririn da maciji ya yi wa inuwa. Na ja Doodh Ka Karz daga farko zuwa wajen minti arba'in yadda Zee ta ce ban ci karo da shi yadda yake a kaina ba, ko na tsallake ne oho.

Zee_Kwamfuta:
Wannan shi ne mai wuyar don ba shi da ɗan wasa, ba shi da waƙa. Hanyar da ta rage ita ce ka tara jerin waɗanda ake zargi ka bi su. IMDb, rumbun bayanan finafinai na intanet, yana da shafin bincike mai zurfi inda za ka haɗa kalma da harshe da tsakanin shekaru, kuma a nan ne abin da Bash yake so ya yi ɗazu yake aiki, don shi shekarar fim ɗin yake dubawa:

```
imdb.com/search/title/?keywords=snake&languages=hi&release_date=1970-01-01,1996-12-31
```

Na tsayar a 1996 saboda ba zai yiwu ka kalli abin da ba a yi ba tukun, shekarar da ka kalla ita ce rufin. Ƙasan kuma ka sake shi sosai, don kaset yana yawo shekara ashirin. Sai dai kar ka ɗauka jerin ya cika, kalmomin nan masu amfani da shafin ne ke sa su da hannu, tsofaffin finafinan Indiya da yawa ba wanda ya zauna ya sa musu, wani fim ɗin maciji ne daga farko har ƙarshe amma ba zai fito ba. In ka sauya snake da cobra za ka ga jerin ya canja.

Kawu_Mai_Kaset:
In don jeri ne ni ma ina da nawa a ka. Bayan Nagina ya yi kasuwa sai kowa ya shiga yin na maciji, tsakanin 1989 da 1990 kaɗai akwai Nache Nagin Gali Gali na Meenakshi, akwai Sheshnaag na Jeetendra da Rekha da Rishi Kapoor, akwai Tum Mere Ho na Aamir Khan da Juhi Chawla. Amma ba zan ce maka ga wanda ke da wannan wurin ba, don maciji ya yi wa jariri laima abu ne da ke cikin labaran addininsu tun asali, ko fim ɗin da ba na maciji ba yana iya buɗewa da shi don a nuna yaron nan ba na banza ba ne. Kuma kar ka manta na kudu da aka juya zuwa Hindi, su jerin Zee ba lallai ya kamo su ba tunda harshensu na asali daban ne.

Maman_Walida:
Ni fa kamar a wani na sarauta na ga wannan, an jefar da ɗan sarki a daji. Ko kuma ruwa ake yi ba rana ba? Abban Sadik ka tabbata rana ce?

Abban_Sadik:
Anti yanzu kam ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani. Da na ce rana ce, da kika faɗi ruwa kuma sai na fara ganin ruwa.

Sani_Ba_Wasa:
Kun gani ko. A daina ba shi shawarar abin da ya gani, kowa ya faɗi nasa sai ya ɗauka ya liƙa. Da ka rubuta abin da ka tuna a takarda tun ranar farko kafin ka fara tambaya, da yanzu akwai abin komawa.

Injiniya_Tudun_Wada:
Ai ya rubuta, yana can sama a saƙonsa na farko, rana ya ce. A tafi a kan rana.

Bash_Kurna:
Ni dai har yanzu ina ganin a duba Nagin.

Abban_Sadik:
Bash Allah ya shirye ka. Zan fara da Sheshnaag daren nan in yara sun yi barci, Kawu in na ga wani abu zan ɗauko hoton allon in kawo nan ka duba min. Yaya Babba kuma ta ce za ta tambayi ɗiyar maƙwabcin namu da ke aure a Gusau, wai ita ce mai zuwa karɓo kaset ɗin a lokacin.

Ummin_Hanan:
To yanzu wanne za a turo min a cikin biyun?